Kuɗin Ruwan Jari ko Gwargwadon Jari: Lissafin Makaranta da na Zaure a Kan Injin Casa Guda

Duk wanda ya san kasuwar Talata Mafara bayan girbi ya san yawancin buhunan shanshera da ake lodawa a mota ba na mutum ɗaya ba ne. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ruwanta ya riƙa bin magudanai zuwa gonakin Mafara da Bakura da Maradun, shinkafa ta zama sana'ar da ta fi ƙarfin aljihun mutum guda. Sayen shanshera da kaka, da ajiye ta, da turara ta, da casa ta a inji, da kai ta Gusau ko Sakkwato, kowane mataki kuɗi yake ci kafin ya dawo da ko kwabo. Shi ya sa za ka ga mutumin Gidan Goga, can cikin ƙasar Maradun, ya haɗa jari da ɗan'uwansa mazaunin Mafara: wannan ya san manoma, wancan yana da kuɗi. Ranar da ake haɗawa kowa fara'a yake yi. Ranar rabo ake gane ko an fahimci juna.

Lissafi iri biyu ne suke gaban irin waɗannan mutane. Akwai wanda yaransu suke koyo a sakandare don jarrabawar WAEC da NECO, wanda kuma ake zurfafawa a manyan makarantu irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke nan Mafara. Tushensa dokar tarayyar kasuwanci ta Ingila ce ta shekarar 1890, wadda muka gada ta hannun Turawan mulki. Akwai kuma wanda iyayen suka ji a zaure, a babin ciniki na Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani da Muhtasar na Halil, wanda ya sauko kasuwa ya zama al'ada har a wurin wanda bai taɓa buɗe littafin ba. Na daɗe ina jin ana magana kamar ɗayan na wayayyu ne, ɗayan na mutanen da. Ni da na zauna na bi su da alƙalami, sai na tarar kowanne yana da inda yake gani da inda ya makance, kuma wuraren makantar ba ɗaya ba ne.

Bari in kafa misali, mu bi shi har ƙarshe. Mutum biyu, wa da ƙani, mu kira su Babba da Ƙarami. Sun kafa ƙaramin injin casa, suna kuma sayen shanshera su ajiye. Babba ya zuba naira miliyan 6, Ƙarami ya zuba miliyan 2. Babba yana da wasu harkokin, sai ya leƙo jefi-jefi. Ƙarami ne yake kwana yake tashi da ƙurar dusa a gashin ido, shi ke bin ƙauyuka, shi ke rigima da mai gyaran inji. Sun amince tun farko cewa wahalarsa ta kai naira dubu 600 a shekara.

Da a ce ba su rubuta komai ba, ba su kuma yi wata magana a gaban shaidu ba, abin da dokar 1890 ta tanada zai ba mutane da yawa mamaki. Riba da asara a raba daidai wa daida, ko da ɗaya ya ninka ɗaya sau uku a jari. Babu albashi ga wanda ya yi aiki. Babu wani kuɗi a kan jari. Sai dai in wani ya ranta wa kasuwancin kuɗi daban da jarinsa, wannan yana da kashi 5 cikin 100 a shekara. Wato a shiru, Babba ya yi asarar fifikon kuɗinsa, Ƙarami ya yi asarar ladan guminsa. Saboda gyara wannan ne littafin makaranta ya koyar da a rubuta yarjejeniya, a kuma buɗe asusu na musamman da ake kira asusun rabon riba, inda ake bin matakai kafin a raba abin da ya rage.

Matakin da ya fi jawo gardama shi ne kuɗin ruwan jari. Ana yanka wani kaso, a ce 10 cikin 100, a rubuta wa kowa a kan abin da ya zuba. Hikimar a fili take: wanda ya fi zuba kuɗi ya fara ɗaukar ladan kuɗinsa, sannan sauran riba a raba ta a kan wani ma'auni daban, misali rabi da rabi, domin su biyun ne suka ɗauki nauyin kasuwancin. A shekarar da injin ya kawo ribar miliyan 3, ga yadda za ta kasance. Babba yana da dubu 600 a kan jarinsa, Ƙarami yana da dubu 200. A cire wa Ƙarami albashinsa na dubu 600. Abin da ya rage miliyan 1 da dubu 600 ne, kowa dubu 800. Babba ya tashi da miliyan 1 da dubu 400, Ƙarami ya tashi da miliyan 1 da dubu 600.

Lissafin zaure bai san wannan matakin ba sam. Ƙa'idar Malikiyya a tarayyar dukiya gajeriya ce: riba tana bin gwargwadon abin da kowa ya zuba, asara ma haka, aiki ma haka. In aka sharɗanta saɓanin wannan, tarayyar ta ɓaci. Hanafawa sun sassauta a ɓangaren riba, sun yarda mai aiki ya ɗauki kaso fiye da jarinsa, amma a ɓangaren asara mazhabobin sun haɗu, jari take bi. To ina wahalar Ƙarami? Hanyar da hukumar AAOIFI ta Bahrain, mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, ta yarda da ita ita ce a ɗauke shi aiki da wata yarjejeniya daban, wadda ba ta cikin ta tarayyar, yadda ko an sauke shi daga aikin tarayyar tana nan. A wannan lissafi za a cire dubu 600 ɗinsa kamar yadda ake cire kuɗin man dizal, sauran miliyan 2 da dubu 400 a kasa huɗu, Babba uku, Ƙarami ɗaya. Babba ya samu miliyan 1 da dubu 800, Ƙarami ya samu dubu 600 a kan ladansa, jimla miliyan 1 da dubu 200.

Wanda ya tsaya a nan zai ce lissafin makaranta ya fi tausayin ƙaramin mutum, tunda ya ƙara masa dubu 400. Ni ma haka na fara gani. Amma ba a gane ƙarfin rumbu sai damina ta yi nisa.

A watan Satumba na 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, an rufe kasuwannin mako-mako a Zamfara, an kuma katse layukan waya. Mutanen ƙasar Maradun ba sa buƙatar a tuna musu yadda ciniki ya tsaya a irin wannan lokaci. Mu ɗauka shekara irin wannan ta faɗa wa injin mutanenmu, suka rufe littafi da faɗuwar miliyan 1 tun kafin a cire ladan kowa. In yarjejeniyarsu ta ce ana rubuta kuɗin ruwan jari ko an ci riba ko ba a ci ba, to ramin ba miliyan 1 ba ne. A ƙara dubu 800 na ruwan jari, a ƙara dubu 600 na albashi, ya zama miliyan 2 da dubu 400, kuma rabi da rabi za a ɗauka kamar yadda ake raba riba. Kowa miliyan 1 da dubu 200. Babba yana da dubu 600 da aka riga aka rubuta masa, don haka ainihin abin da ya fita daga jikinsa dubu 600 ne, kashi 10 cikin 100 na jarinsa. Ƙarami kuwa, in ka ajiye ladan guminsa gefe, dubu 200 kawai aka rubuta masa, sai ya tashi da ramin miliyan 1 cif. Rabin jarinsa ke nan, a shekara guda.

A lissafin zaure, ramin bayan an biya lada miliyan 1 da dubu 600 ne. Babba ya ɗauki miliyan 1 da dubu 200, Ƙarami ya ɗauki dubu 400. Kowannensu ya rasa kashi 20 cikin 100 na abin da ya zuba. Ruwan da ya daki babban gida shi ya daki ƙarami, kowa gwargwadon faɗin rufinsa.

A nan ne na gane mene ne ainihin kuɗin ruwan jari. Mutane suna ƙyamarsa saboda sunansa, suna cewa riba ce ta haram, akantoci kuma suna kare shi da cewa ba bashi ba ne, hanyar rabo ce kawai, kuma gaskiya ne ba wani na waje ake biya ba, tsakanin masu dukiyar kuɗin yake yawo. Amma matsalar da malaman fiƙihu suka gani ba a sunan take ba. Abin da suka hana, a tarayya da ƙiradi duka, shi ne a yanka wa ɗaya daga cikin abokan tarayya adadi tsayayye, domin tana yiwuwa ribar gaba ɗaya ba ta wuce wannan adadin ba, sai ɗaya ya kwashe, ɗaya ya tashi hannu rabbana. Lissafin da muka yi yanzu ya nuna abin da suke gudu da lambobi. Adadi tsayayye garkuwa ce ga mai babban jari a shekarar wahala, kuma ƙaramin ne yake riƙe masa garkuwar. Dubu 400 da Ƙarami ya ƙaru da su a shekarar albarka, ashe kuɗin haya ne na haɗarin da ya ɗauka bai sani ba.

Adalci ne a faɗi cewa littafin makaranta ya san wannan rami. Da yawa daga cikin marubutansa suna koyar da cewa ruwan jari daga riba yake fita, in babu riba babu shi, in ribar ba ta kai ba a rage shi gwargwado, sai fa in yarjejeniya ta faɗi akasin haka ƙarara. Wannan ya rage zafin, bai kashe shi ba, domin asarar har yanzu rabi da rabi za a ɗauka. Akwai kuma wani abu da ban taɓa jin an nanata wa ɗalibai ba: in ma'aunin rabon riba daidai yake da ma'aunin jari, kuɗin ruwan jari ba ya canja ko sisi. Gwada da kanka. Ka cire dubu 600 da dubu 200, ka raba saura uku da ɗaya, za ka dawo daidai inda mutumin zaure ya tsaya. Ruwan jari faci ne da ake ɗinka wa rigar da aka yanka ba daidai da jiki ba. Wanda ya raba riba gwargwadon jari ba shi da yagar da zai yi wa faci.

Zuwa nan zaure ne a gaba. Sai ranar da baƙo ya yi sallama.

Shekara uku sun wuce da kafa injin. An cike ramin waccan shekara da ribar da ta biyo baya, jari ya koma yadda yake a littafi, miliyan 6 da miliyan 2, rabo uku da ɗaya. Wani mutumin Bakura, surukin Babba, ya ga motoci suna layi a ƙofar injin, ya ce yana son shiga da kashi ɗaya cikin biyar. Na sha ganin yadda ake yanke irin wannan magana, a kan tabarma bayan la'asar, ana kaɗa ƙudaje daga kwanon fura.

"Alhaji, nawa ne a ciki yanzu?"

"Takwas ne, ni shida, yaron nan biyu."

"To in na kawo biyu ya zama goma ke nan, ina da ɗaya cikin biyar."

"Haka ne. Allah ya sa albarka."

Aka shafa fatiha. Ƙarami yana gefe, wani abu yana yi masa ƙaiƙayi a rai amma bai san sunansa ba, kuma ba ya iya musu da surukin yayansa. Cewa ya yi kawai, "Yaya, injin nan fa yanzu ba a samunsa a kuɗin da muka saya." Aka ce masa ai ba sayar da inji ake yi ba.

Sayar da shi ake yi, kashi ɗaya cikin biyar nasa. Wannan ita ce gaskiyar da lissafin makaranta ya riƙe da kyau, lissafin kasuwa kuma ya saki. Duk wanda ya shigo tarayya yana sayen yanki ne na duk abin da ke ƙasa, da wanda ake gani da wanda ba a gani. Miliyan 8 da ke littafi labarin jiya ne. Saboda haka kafin a karɓi ko naira ɗaya daga hannun baƙo, akanta zai buɗe asusun sake kimantawa, ya bi kaya ɗaya bayan ɗaya. Injin yana littafi a miliyan 2 da rabi, amma tun da darajar naira ta zube bayan an sake ta a watan Yunin 2023, irinsa ko na hannu ne ya kai miliyan 3 da dubu 700. Ƙarin miliyan 1 da dubu 200 ke nan. Shansherar da ke sito ta ƙara dubu 300 a kan kuɗin da aka saye ta. A ɗaya gefen kuma akwai bashin dubu 300 a hannun wasu 'yan sari da suka bar garuruwansu, kowa ya san ba zai dawo ba, dole a share shi. Ƙarin shanshera da mataccen bashi sun cinye juna, saura miliyan 1 da dubu 200. Wannan na tsofaffin ne su kaɗai, a tsohon ma'auninsu: Babba dubu 900, Ƙarami dubu 300. Jarin da ake cewa takwas ya zama miliyan 9 da dubu 200.

Abin da ya ba ni dariya da takaici lokaci guda shi ne, wannan matakin ba baƙo ba ne a fiƙihun da muke tinƙaho da shi. Malikawa sun yarda a yi tarayya da kaya, ba sai tsabar kuɗi ba, bisa sharaɗin a yi wa kayan ƙima a ranar da aka kawo su cikin tarayyar. Tsofaffin abokan tarayya inji da shanshera suke kawowa, baƙo yana kawo kuɗi, don haka ƙimar ranar ce abin lura, ba ta shekara uku da suka wuce ba. Littafin zaure ya faɗa. Kasuwa ce ta manta, saboda kunya da gaggawa.

Sai abin da ba a gani, wanda 'yan makaranta suke kira gudwil, ni kuwa na fi son in ce kuɗin suna. Matan da suke turara shinkafa sun saba da wannan injin domin ba ya karya ƙwaya. Manoman wajen Gidan Goga suna ba Ƙarami shanshera bashi har sati biyu domin bai taɓa saɓa alkawari ba. Wani dillali a Gusau yana aiko da mota ba tare da ya zo ya duba ba. In baƙon ya ɗauki miliyan 9 ya kafa sabon inji a tsallaken titi, ba zai sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba sai ya yi shekaru yana haɗiye asara. Shekarun nan su ne ake sa wa farashi. Wanda yake shakkar halaccin sayar da abin da ba a taɓawa da hannu, ya sani Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta zartar cewa sunan kasuwanci da tambarinsa haƙƙi ne mai ƙimar dukiya, ana iya sayar da shi in babu yaudara.

Hanyar da aka fi koyarwa ita ce a ɗauki matsakaicin ribar 'yan shekaru a ninka. Bayan cire lada, injin ya ci miliyan 2 da dubu 400 a shekarar farko, ya faɗi da miliyan 1 da dubu 600 a ta biyu, ya ci miliyan 2 da dubu 800 a ta uku. Jimla miliyan 3 da dubu 600, matsakaici miliyan 1 da dubu 200. Lura, ba a tsallake shekarar faɗuwa. Wanda ya ɓoye ta ya cuci baƙo. In suka daidaita a kan ribar shekara biyu, kuɗin suna ya zama miliyan 2 da dubu 400. A rubuta wa Babba miliyan 1 da dubu 800, a rubuta wa Ƙarami dubu 600. Yanzu Babba yana da miliyan 8 da dubu 700, Ƙarami yana da miliyan 2 da dubu 900.

To nawa ne kuɗin ɗaya cikin biyar? Abin da tsofaffin suke da shi, miliyan 11 da dubu 600, shi ne zai zama kashi huɗu, don haka kashi ɗaya miliyan 2 da dubu 900 ne. Ba miliyan 2 ba. Da an bar maganar yadda aka yanke ta a kan tabarma, baƙon zai zuba miliyan 2 da la'asar, kafin magariba ya mallaki ɗaya cikin biyar na miliyan 13 da dubu 600, wato miliyan 2 da dubu 720. Kyautar dubu 720 ke nan ba wanda ya yi niyyar bayarwa, kuma rubu'inta daga aljihun yaron da aka hana magana ta fito.

Sabon ma'auni ya zama uku, ɗaya, ɗaya. Babba ya sauko daga kashi 75 cikin 100 zuwa 60, Ƙarami daga 25 zuwa 20. Yawancin akantoci ba sa barin kuɗin suna zaune a littafi, domin ba abu ne da za a nuna wa mai bin bashi ba. Sai su share shi nan take, amma a sabon ma'auni: Babba miliyan 1 da dubu 440, Ƙarami dubu 480, baƙo dubu 480. An rubuta a tsohon ma'auni, an share a sabo, kuma a tsakanin biyun ne cinikin ya faru. Babba ya ƙaru da dubu 360, Ƙarami da dubu 120, baƙo ya ragu da dubu 480, wanda shi ne daidai ɗaya cikin biyar na kuɗin sunan. Ga hanyar gane ko an yi kuskure: abin da tsofaffi suka ƙaru da shi dole ya yi daidai da abin da baƙo ya ragu da shi, kuma rabonsa tsakaninsu dole ya bi yawan abin da kowa ya sadaukar, 15 da 5. In ɗalibi ko magatakarda ya juya ma'aunan biyu, ya rubuta a sabo ya share a tsoho, za ka ga baƙo ne ya ƙaru, alamar an sa wa jaki sirdi ta baya.

Ba na son in bar mai karatu da zaton lambar nan ta miliyan 2 da dubu 400 daga sama ta sauko. Ciniki ce, kuma baƙo mai wayo yana da abin cewa. Zai ce duk wanda ya juya miliyan 9 da dubu 200 a harkar hatsi zai sami wani abu ko ba shi da suna, a ce kashi 10 cikin 100, dubu 920 ke nan. Abin da suna ya ƙara shi ne rarar da ke sama da haka, dubu 280 kacal. Ko a ninka ta sau uku, dubu 840 ce. Wannan ma hanya ce da ke cikin littafin makaranta, kuma a ganina ta fi kusa da gaskiya, domin ba ta biyan tsofaffi sau biyu a kan inji guda. Zai ƙara da cewa sunan da ya dogara da hanya da kasuwa, a ƙasar da aka taɓa wayar gari an rufe kasuwanni, ba a saye shi da tsadar sunan shago a Kantin Kwari. Ninkin shekara biyu ko uku da ake bayarwa a tambayar jarrabawa lamba ce ta aji. A ƙasar Maradun ni ba zan ga laifin wanda ya tsaya a kan shekara ɗaya ba.

Akwai kuma inda littattafan biyu suka yi shiru tare. Sunan nan na wane ne? Manoman da ke ba da shanshera bashi ba injin suka yarda da shi ba, fuskar Ƙarami suka sani. In ya tashi gobe, rabin sunan zai bi shi a kan babur. Amma lissafi ya ba Babba kashi uku cikin huɗu na kuɗinsa saboda kawai haka ma'aunin riba yake. Ban ga dabarar alƙalami da ke warware wannan ba. Magana ce da za a yi baki da baki kafin baƙo ya zo, wataƙila a ƙara wa Ƙarami lada, wataƙila Babba ya bar masa wani abu daga nasa kason don kansa. Abin da doka ta ba shi dai shi ne ba a shigo da sabon abokin tarayya sai kowa ya yarda, don haka shirun da ya yi a kan tabarma ba dole ba ne, kara ce. Shi ma baƙon ya sani bashin da aka ci kafin shigowarsa ba ya hawa kansa don kawai ya shigo, sai in ya karɓa da bakinsa.

In mutanen nan uku suka tambaye ni, abin da zan ce musu ke nan. A rabon shekara-shekara ku bi zaure: riba da asara gwargwadon jari, ladan mai aiki a takarda daban, kuɗin ruwan jari ku bar wa ɗalibai su ci jarrabawa da shi. Ranar shigar baƙo ko fitar wani kuwa, ku kira yaron da ya yi makaranta da littafinsa, a ƙirga buhu, a tambayo kuɗin inji a kasuwa, a share mataccen bashi, a yi cinikin suna a fili kamar yadda ake cinikin sa. Sannan a kai takardar gaban malamin da ya karanci babin tarayya ya duba, kowa ya sa hannu, shaidu biyu su sa. Alhaji, fatihar ta jira sai an gama wannan.